Yadda ake gane ko layuka biyu a sarari sun yi kusurwar digiri 90 ta hanyar dot furodak

A kan takarda, inda ake da tsawo da faɗi kawai, ana iya auna kusurwar da ke tsakanin layuka biyu da ma'aunin kusurwa, ko a kwatanta gangarensu. Amma idan layukan suna cikin sarari mai ɓangare uku, wato x da y da z, zane ba ya nuna gaskiyar kusurwa, kuma lamba ɗaya ta gangare ba ta isa ta bayyana inda layi ya dosa ba. A nan ake komawa ga bekta, wato jerin lambobi uku da ke nuna alkibla da tsawo, a haɗa su da lissafin da ake kira dot furodak saboda ɗigon da ake sakawa tsakanin bektocin biyu.

Mataki na farko shi ne a fitar da bektar alkiblar kowane layi, kuma a nan ne aka fi yin kuskure. Idan an ba da ɗigo biyu a kan layi, sai a cire lambobin na farko daga na biyu, x daga x, y daga y, z daga z. Bari mu ɗauki layi na farko da ya ratsa A(1, 2, 3) da B(3, 1, 5), da layi na biyu da ya ratsa C(3, −8, 2) da D(4, −4, 3).

```
u = B − A = (2, −1, 2)
v = D − C = (1, 4, 1)
```

Da an juya an cire B daga A, da an sami (−2, 1, −2), wanda shi ma daidai ne, domin layi ɗaya ne ake bi ta baya. Haka nan ana iya ninka bektar da kowace lamba da ba sifili ba, ko a raba ta don a rage girman lambobin, ba tare da sakamakon gwajin ya canza ba.

Mataki na biyu shi ne lissafin kansa. Ana ninka lambar x ta u da lambar x ta v, a yi haka ga y, a yi ga z, sannan a tara amsoshin uku wuri ɗaya. Abin da zai fito lamba ce guda ɗaya, ba bekta ba.

```
u · v = (2)(1) + (−1)(4) + (2)(1) = 2 − 4 + 2 = 0
```

Tunda amsar sifili ce, alkiblar layukan biyu ta yi kusurwar digiri 90 cif. Dalilin haka yana cikin wata ƙa'ida da ke cewa dot furodak daidai yake da tsawon u sau tsawon v sau kosain ɗin kusurwar da ke tsakaninsu, wato u · v = |u||v| cos θ. A misalinmu tsawon u shi ne 3, na v kuma √18, kuma babu ɗaya cikinsu da yake sifili, saboda haka babu abin da zai mayar da amsar sifili sai kosain, shi kuwa kosain ba ya zama sifili tsakanin digiri 0 da 180 sai a digiri 90 kaɗai. Wannan ya kuma nuna iyakar gwajin: idan ɗigogin biyun da aka ɗauka wuri ɗaya ne, bektar za ta zama (0, 0, 0), dot furodak ɗinta da kowace bekta sifili ne, kuma wannan sifilin bai tabbatar da komai ba.

Kuskuren da na fi gani wajen masu koyo shi ne su ɗauki ɗigogin da kansu su ninka, ba tare da sun yi ragin farko ba. Wanda ya ninka A da C kai tsaye zai sami 3 − 16 + 6, wato −7, sai ya yanke hukunci cewa babu kusurwar digiri 90, alhali akwai. Abin da ya auna shi ne kusurwar da ke tsakanin kibiyoyi biyu da suka tashi daga mafari (0, 0, 0) zuwa A da C, waɗanda ba su da alaƙa da inda layukan suka dosa. Akwai hanya mai sauƙi ta gane wannan kuskure: a maimaita lissafin da wasu ɗigogin dabam na layukan, idan amsar ta tashi daga sifili zuwa wata lamba ko akasin haka, to ba alkibla ake aunawa ba.

Wani tarkon yana zuwa ne idan an rubuta layin a sigar (x − 1)/2 = (2 − y)/1 = (z − 3)/2. Ido zai yi saurin ɗaukar lambobin ƙasa a matsayin (2, 1, 2), amma dole ne a fara gyara na tsakiya ya koma (y − 2)/(−1), sannan a karanta alkiblar, wadda ita ce (2, −1, 2). Alamar ragi guda da aka manta za ta mayar da amsar 8 maimakon 0.

Mataki na uku shi ne wanda yawancin mutane ke tsallakewa, kuma a ganina shi ne ya fi cancantar a tsaya a kai. Sifilin da muka samu ya yi magana ne a kan alkibla kawai, bai ce layukan sun haɗu ba. A kan takarda, duk layuka biyu da ba su jera da juna ba tilas su gamu, amma a sarari ɗaya na iya wucewa ta saman ɗaya har abada ba su taɓa juna ba. Ana ganin haka a jikin akwati: gefen da ya tashi tsaye a kusurwar gaba da gefen da ya kwanta a ƙasan bangon baya sun yi digiri 90 ta fuskar alkibla, duk da haka ba su haɗu ba.

Don a bincika, sai a rubuta kowane ɗigo na layin farko a matsayin A + tu, na layi na biyu kuma C + sv, inda t da s lambobi ne da za a nemo, a daidaita su ɓangare da ɓangare.

```
1 + 2t = 3 + s
2 − t = −8 + 4s
3 + 2t = 2 + s
```

Daga na farko, s = 2t − 2. Idan aka saka wannan cikin na biyu za a sami 18 = 9t, wato t = 2, sannan s = 2. Yanzu sai a gwada waɗannan lambobin a na uku, wanda ba a taɓa shi ba tukuna: ɓangaren hagu ya ba da 7, na dama ya ba da 4. Tunda ba su zo ɗaya ba, layukan ba su haɗu ba. A wurin da x da y ɗinsu suka dace, layi na biyu ya wuce ta ƙarƙashin na farko da tazarar 3 a bisa z. Da a ce C tana (3, −8, 5), D kuma (4, −4, 6), alkiblar ba za ta canza ba, amma ɓangarorin biyu za su ba da 7, layukan su haɗu a (5, 0, 7). Littattafan lissafi sun bambanta a nan, wasu na karɓar alkibla kaɗai, wasu kuma na sharɗanta haɗuwa, don haka ya fi kyau a rubuta sakamakon biyu a fili cikin amsa.

Idan lambobin daga awo suka fito, ba kasafai ake samun sifili cif ba, kuma ba a yanke hukunci da girman amsar ita kaɗai. Sai a raba ta da tsawon bektocin biyu don a sami kosain. Tsakanin (2, −1, 2) da (1, 4, 3), dot furodak 4 ne, kuma 4 a raba da 3√26 ya ba da kusan 0.26, wato kusurwar kimanin digiri 75, wadda ta yi nisa da 90. Amma da tsawon bektocin 300 ne da 500, wannan 4 ɗin za a raba ta da 150,000, kosain ya faɗo ƙasa da 0.00003, bambancin kusurwar da digiri 90 kuma bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na digiri ɗaya ba.