Yadda Ake Rubuta Takardar Miƙa Aji ga Malamin da Zai Riƙe Maka na 'Yan Kwanaki

Idan malamin firamare zai yi tafiyar kwana ɗaya, bayanin baki ya isa. Amma idan an tura ka bita ta mako guda, ko asibiti ta ba ka hutun kwanaki, to wanda zai riƙe maka aji yana buƙatar rubutu a hannunsa. Yawanci abin da ake bar masa shi ne tsarin aikin zango da littafin shirin darasi, a ce masa ya ci gaba daga mako na shida. Waɗannan littattafai suna faɗin inda ya kamata yara su kasance ne, ba sa faɗin inda suke. Aikin takardar miƙa aji ke nan: ta gaya wa baƙon malami ainihin inda ɗalibanka suka tsaya, da abin da zai yi da su kowace rana har ka dawo.

Mu ɗauki misalin malamar aji uku da za ta tafi bita daga Litinin zuwa Juma'a, aka ce wani malamin da bai taɓa shiga ajin ba zai riƙe mata.

Mataki na farko: shafin da zai karanta kafin a tashi daga asambali

Shafin farko na safiyar Litinin ne, don haka ya zama gajere. Rubuta sunan aji da yawan yara, maza nawa, mata nawa. Faɗi inda rajista take, wa ke riƙe da mabuɗin kabad, da inda ake karɓar alli. Kwafo jadawalin darussa tare da lokacin fita tara da lokacin tashi, kada ka manta cewa ranar Juma'a ana tashi da wuri. Idan akwai darasin da wani malami ke zuwa ya ɗauka, kamar na addini ko Larabci, sa masa alama don kada mai riƙon ya shirya abin da ba nasa ba.

Batun rajista yana son jimla biyu ko uku na kansa. Gaya masa sau nawa ake kiran suna a rana, da irin alamar da makarantarku ke sa wa wanda ya zo da wanda bai zo ba, kuma wa ke haɗa jimillar mako ranar Juma'a. Rajista takardar hukuma ce, masu duba makarantu suna buɗa ta, gyaran mako guda na alamomin da aka yi ba daidai ba kuwa yana ɓata shafi. Idan akwai yara masu suna iri ɗaya, rubuta yadda kake bambanta su.

A ƙasan shafin sa sunan malamin ajin da ke kusa wanda za a iya tambaya nan take, sannan lambar wayarka da lokacin da za ka iya ɗauka, misali bayan la'asar.

Mataki na biyu: faɗi gaskiyar inda yara suke

A nan ne ya kamata ka fi ɓata lokaci. A misalinmu, tsarin aiki ya ce makon nan za a shiga ɗebewa da lambobi masu gida uku. Malamar kuwa ta san cewa kusan rabin ajin ba su riƙe ɗebewa da aro a gida biyu ba tukuna. Idan ta rubuta “Lissafi: ɗebewa” kawai, mai riƙon zai buɗe tsarin aiki ya cika allo da ɗaruruwa, yara su kwafa, ta dawo ta tarar da littattafai cike da aiki alhali ba wanda ya gane. Ga irin abin da ya kamata ta rubuta:

“Mun yi mako ɗaya a kan ɗebewa da aro a gida biyu. Kusan rabin aji sun iya. Don Allah kada a shiga gida uku a wannan makon, ni zan fara shi in na dawo. Kalmomin da suka saba da su su ne ɗaiɗai, gomomi da aro, a yi amfani da su. A cikin kabad akwai tsinken tsintsiya ɗauri-ɗauri, kowane ɗauri goma.”

Daga nan sai ta raba kwanakin. Litinin a yi 43 − 17 da tsinke: ɗauri huɗu da tsinke uku, a kwance ɗauri ɗaya ya zama ɗauri uku da tsinke goma sha uku, a cire bakwai, a cire ɗauri ɗaya, a ƙirga abin da ya rage, 26. Talata a maimaita irinsa, yara suna kwance ɗaurin da hannunsu a rukuni-rukuni. Laraba a koma allo ba tsinke. Alhamis a kawo lamba mai sifili, kamar 70 − 46, domin a nan ne yaro yake rubuta 36 maimakon 24. Juma'a a yi gwaji na tambaya biyar.

Abin da ya fi amfani a takardar shi ne ta koya masa karanta kuskuren yaran. Ta ba shi tambaya ɗaya, 61 − 34, wadda amsarta 27. Yaron da ya rubuta 33 bai yi aro ba sam, ya cire ƙaramar lamba daga babba ne a kowane gida, huɗu ban da ɗaya, shida ban da uku. Wannan sai a mayar da shi kan tsinke. Yaron da ya rubuta 37 ya yi aro daidai, amma ya manta ya rage gidan gomomi. Shi abin da yake buƙata kawai a sa shi ya soke 6 ya rubuta 5 a samanta kafin ya taɓa komai. Malamin da aka ba wannan bayani zai iya raba ajin gida biyu cikin minti goma, maimakon ya yi ta maimaita darasi ɗaya ga kowa.

Sauran darussa ba sai sun samu wannan dogon bayani ba. A Hausa da Turanci, faɗi shafin da aka tsaya da sunan littafin, kuma kwafi nawa ke akwai, domin idan littafi goma ne ga yara sittin dole ya san yadda kake zaunar da su. Faɗa masa kuma a wane harshe kake bayani. Mai riƙon da ya shigo da Turanci zalla ajin da ya saba jin bayani da Hausa zai ɗauka yaran ba su san komai ba. A ra'ayina, duk wani sabon maudu'i mai wuya gara ka ajiye shi har ka dawo, ka bar wa mai riƙo bita da ƙarfafa abin da aka riga aka fara.

Mataki na uku: yaran da dole ya sani

Ba kowane yaro za ka yi bayani a kansa ba. Zaɓi waɗanda rashin sanin halinsu zai iya jawo matsala cikin kwana biyar. Idan kana da mai sikila, rubuta cewa a bar shi ya sha ruwa kuma ya fita bayan gida duk lokacin da ya nema, kada a sa shi gudu ko tsayuwa a rana, in ya ce ƙashi na masa ciwo a sanar da hedimasta a kira gida nan take. Mai asma a zaunar da ita nesa da ƙurar alli, kada a sa ta shara, a faɗi inda abin shaƙarta yake. Idan akwai mai farfaɗiya, rubuta abin yi a fili: a kawar da benci daga kusa da shi, kada a danne shi, kada a cusa masa cokali ko wani abu a baki, in jijjigar ta lafa a kwantar da shi ta gefe, in ta wuce minti biyar a kai shi asibiti. Wadda ba ta ganin allo daga baya, ko wanda kunnensa ɗaya ba ya ji sosai, faɗi wurin zamansu don kada a canza musu.

Wannan shafi ka rubuta shi daban, ka damƙa shi hannu da hannu. Ba a barinsa a kan tebur inda monita ko wani yaro zai karanta ciwon ɗan'uwansa ya kai waje.

A batun hali, rubuta abin da ke aiki, ka bar hukunci. Idan ka ce wane fitinanne ne, ka sa mai riƙo ya shigo da fushinsa tun kafin yaron ya yi komai. Idan ka ce wane yana gama aiki da wuri sai ya fara tsokana, a ba shi rabon littattafai ko ƙarin tambaya biyu, ka ba malamin abin yi. Haka nan wance da ke zuwa a makare saboda sai ta raka ƙannenta tukuna: a faɗa masa an riga an yi magana da gidansu, don kada a tsayar da ita a bakin ƙofa.

Idan a makarantarku ana zuwa ɗaukar yara, rubuta wa ke ɗaukar wa, musamman waɗanda mai adaidaita ke kwasa tare, da umarnin cewa ba a ba baƙuwar fuska yaro sai ta ofis.

Mataki na huɗu: iyakar ikonsa da aikin ko-ta-kwana

Faɗi abin da ba ka so a taɓa. Makin gwajin Juma'a a rubuta shi a takarda daban, kada a shigar da shi littafin auna fahimta sai ka gani. Kada a karɓi kuɗi daga hannun yara. Uban da ya zo da ƙorafi a kai shi wurin hedimasta. Rubuta kuma yadda kake samun shiru a ajin, ko tafi uku ne ko ɗaga hannu, domin yara sun fi saurin bin alamar da suka sani.

Ajiye aiki biyu ko uku da ba sa buƙatar shiri, don ranar da darasi ya ƙare da wuri ko aka haɗa masa aji biyu: shifta ta kalmomi goma da ka riga ka rubuta, ko karatun jadawalin sau biyu zuwa sau biyar.

Mataki na biyar: miƙawa da karɓa

Gama rubutun kwana biyu kafin tafiya, duka kada ya wuce shafi uku. Ka ba hedimasta kwafi, saboda wanda aka ce zai riƙe ajin yana iya canzawa da safiyar Litinin, takardar da ke wayar mutum ɗaya kuwa ta tafi da shi. Idan da hali, shigo da mai riƙon cikin ajin ranar Juma'ar da ta gabata, ka gabatar da shi ga yara, ka nuna masa kabad da tsinken, ya karanta takardar a gabanka. Duk inda ya yi tambaya, to wurin bai fito ba, gyara shi nan take.

A ƙarshen takardar bar masa fili mai layi biyar, kowace rana layi ɗaya, ya rubuta abin da aka yi, abin da ba a kai gare shi ba, da duk abin da ya faru da wani yaro. Roƙe shi ya haɗa da sunayen waɗanda har ranar Juma'a suke rubuta 33 da waɗanda ke rubuta 37. Da wannan jerin ne malamar za ta yanke shawara ranar Litinin ko ta shiga gida uku, ko ta ƙara kwana biyu a kan tsinke.