Yadda Kamfanin Abin Sha Zai Rubuta Tayin Ɗaukar Nauyin Intahaus a Makarantar Legas

Yawancin makarantun Legas suna yin gasar wasannin gida-gida, wato intahaus, a zango na biyu, tsakanin Janairu da Maris, lokacin da rana take dukan tsakar ka. Idan kana aiki a kamfanin ruwa, lemo ko maltina, ko kai babban dila ne a Agege ko Idi-Araba, wannan dama ce. Amma takardar tayi ba ta shiga don yawan kirari. Wadda ake karɓa ita ce wadda shugaban makaranta zai karanta a cikin minti uku ya san katan nawa zai samu, da abin da ake nema a wurinsa.

Fara da sanin wanda yake da ikon cewa to. A makarantar kuɗi, mai makarantar ne, ko da firinsifal ne ya karɓi takardar. A sakandaren gwamnati kuwa, firinsifal yakan nemi sahalewar ofishin gundumar ilimi. Legas tana da shida, kuma ta ɗaya tana Agege. Firamaren gwamnati tana ƙarƙashin LASUBEB ne, wato hukumar ilimin matakin farko ta jihar Legas. Saboda haka ka kai takarda tun a zangon farko, wajen Nuwamba. Kafin ka rubuta komai, ka zauna da malamin wasanni. Shi ya san yawan ɗalibai, da filin da za a yi, da abin da ya ba su wahala bara. Ka tambayi ranar, sannan ka duba kalanda: a 'yan shekarun nan azumi yana faɗowa a cikin wannan zangon, kuma ruwan sanyi ba shi da amfani ga makarantar da rabin yaranta suke azumi. Ranar Juma'a ma sai a tsara a tashi kafin masallaci.

Daga nan sai lissafi, kuma nan ne ƙashin bayan takardar. Mu ɗauki misalin wata makaranta a Agege mai ɗalibai 600 da gidaje huɗu: ja, kore, shuɗi da rawaya. Za a fara da fareti da ƙarfe 9 na safe, a tashi wajen 2 na rana. Kowane yaro gorar ruwa biyu mai santilita 50, ya zama 1,200. Masu gudu da tsalle, a ce 150, a ƙara musu ɗaya ɗaya. Malamai da iyaye da baƙi 300, kowa ɗaya. Jimla 1,650, wato fakiti 138 idan mai gora 12 ne. Ka rubuta 145 domin direbobi da masu gadi da 'yan ganga ba sa shiga lissafin kowa, amma suna shan ruwa. Lemo ko maltina guda ɗaya ga kowane ɗalibi bayan an gama, 600 ke nan, katan 25 mai guda 24.

Ka lura ruwa ya fi lemo yawa, kuma da gangan ne. Iyaye a yau suna sa ido kan sukari, gwamnati ma ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta abin sha mai zaƙi a dokar kuɗi ta 2021. Tayin da ya cika filin da lemo mai gas tun da safe zai sha suka a taron ƙungiyar iyaye da malamai. Abin sha mai ƙara kuzari, irin mai kafin, kada ya shiga ko da wasa. Idan kamfaninku yana yin barasa a wani ɓangare, tambarin wancan ɓangaren ba ya zuwa kusa da makaranta.

Kada ka manta da ƙanƙara. Ruwan da ya yi awa uku a bayan mota a cunkoson Legas ya zama ruwan wanka. Ka rubuta a takarda cewa kamfani zai kawo durom da ƙanƙara, motar za ta iso da ƙarfe 7, kuma ma'aikatanku ne za su raba ta hannun malamin kowane gida. Idan aka jibge kaya wuri ɗaya aka ce kowa ya zo, manyan yara za su kwashe, 'yan aji ɗaya su tashi da ƙishi.

Yanzu rubutun kansa. Shafi biyu sun isa, a kan takarda mai tambarin kamfani, da Turanci tunda shi ne harshen ofis a nan. Sakin layi na farko ya faɗi ko ku su wane ne, da lambar rajistar NAFDAC ta kowane abin shan da za ku kawo. Na biyu shi ne amfanin makaranta, kuma shi ake sa wa gaba: ruwa fakiti 145, lemo katan 25, rumfa huɗu kowane gida da tasa, kofin gidan da ya zo na ɗaya, lambobin yabo na gudun mita 100 da na miƙa sanda. Ka sa ƙimar kowanne da naira a farashin makon da ka rubuta, ka haɗa jimla. Wannan adadin shi mai makaranta zai nuna wa iyaye ya ce an rage musu kuɗin karo-karo. Ka ƙara da cewa tayin yana aiki na kwana 30, don farashi ba ya zama wuri ɗaya.

Sakin layi na uku shi ne amfanin kamfani, kuma a nan mutanenmu suke jin nauyi, sai su rubuta wai don ci gaban ilimi kawai suke yi. Shugaban makaranta ba yaro ba ne. Ya san ruwa ba ya tsami banza, kuma idan ka ɓoye buƙatarka sai ya fara zargi. Faɗe ta ƙarara: ƙyallen talla biyu a cikin filin, tambari a bayan takardar shirin taro, mai gabatarwa ya ambaci sunan kamfani sau uku a lasifika, wakilinku ya miƙa kofi, teburi ɗaya inda iyaye za su ɗanɗana kaya. Idan kana so kada wani kamfanin abin sha ya kafa tutarsa a ranar, ka rubuta, ka kuma iyakance shi ga ranar kaɗai. Neman a ba ku kantin makaranta na shekara magana ce daban, cusa ta a nan yana kashe tayin.

Akwai iyakoki biyu da ya kamata kai ka fara ambata. Ba za ku sa hoton fuskar yaro a talla ba sai da izinin iyayensa a rubuce, kuma ba za ku karɓi lambar wayar ɗalibi ba. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta tsananta a kan yara. Sannan duk allon da zai fuskanci titi yana buƙatar izinin LASAA, hukumar da ke kula da allunan talla a jihar Legas, don haka ka bar ƙyallayenka a cikin katanga.

Sai shara. Gora 1,650 da gwangwani 600 ba ƙaramin tuli ba ne, kuma makarantar da ta ari fili, kamar filin wasa na Agege, ita za a tuhuma idan aka bar shi kaca-kaca. Ka yi alkawarin buhuna da mutum huɗu masu kwashewa kafin a watse. Wannan layi ɗaya yakan fi kofi tasiri a wurin firinsifal.

A ƙasan takardar ka bar wurin sa hannu biyu, da sunan mutum ɗaya daga kowane ɓangare da za a riƙa tuntuɓa, da sharaɗin cewa idan an ɗage rana za a sanar da ku mako guda kafin nan. Ka kai da hannunka, a buga maka hatimin karɓa a kwafinka, ka koma bayan mako ɗaya. Idan aka ce a mayar da kayan kuɗi tsaba, ka duba da kyau: kuɗi sai dai a asusun makaranta tare da rasit, ba asusun wani malami ba. Ranar taro kuma malamin wasanni ya ƙirga fakitin a gaban direba, ya sa hannu a takardar kai kaya kafin a fasa ko ɗaya.