Yadda Ake Rage Ƙiba Ba Tare Da Tsoka Ta Zube Ba

Wanda ya yanke cin abinci farat ɗaya yakan ga sikeli ya sauka da kilo biyu ko uku a makon farko, sai ya ɗauka kitse ne ya narke. Mafi yawan wannan nauyin ruwa ne. Jiki yana ajiye sukari a hanta da cikin tsoka, wanda ake kira gilaikojin, kusan giram 400 zuwa 500, kuma kowane giram yana riƙe da ruwa wajen giram 3. Da zarar abinci ya yi ƙaranci sai jiki ya cinye wannan ajiyar, ruwan ya fita ta fitsari. Bayan nan ne ake shiga ainihin maganar: abin da zai ragu daga jikinka, kitse ne ko tsoka? Girman gibin da ka bari tsakanin abin da kake ci da abin da jikinka yake ƙonawa yana da babban hannu wajen yanke wannan hukuncin.

Abin da ke faruwa a cikin jiki

Tsoka ba ta zama wuri ɗaya. Kullum jiki yana rushe wani ɓangare na furotin ɗin da ke cikinta, yana kuma gina sabo, kamar katangar ƙasa da damina ke zaizaya, mai gida yana bi yana yaɓe. Muddin ginin ya yi daidai da rushewar, tsoka tana nan yadda take. Shi ginin yana cin makamashi, saboda haka idan kalori, wato ma'aunin makamashin da ke cikin abinci, ya yi ƙasa sosai, yana cikin ayyukan da jiki ke fara ragewa.

Akwai kuma maganar ƙwaƙwalwa, wadda ke buƙatar gulukos, wato sukarin da ke yawo a jini, kusan giram 120 a rana. Jiki ba ya iya mayar da mafi yawan kitse ya zama gulukos, amma hanta tana iya yin sa daga furotin. Idan furotin bai shigo ta baki ba, a tsoka za a ɗebo shi. Daga baya jiki yakan saba, ƙwaƙwalwa ta koma amfani da wani makamashin da hanta ke samarwa daga kitse, sai dai kafin nan an riga an yi asara, kuma ɗibar ba ta tsayawa gaba ɗaya.

Sannan shi kansa kitsen yana da iyakar abin da yake iya saki a rana. Ƙaramin gibi, kitse zai iya cike shi kusan shi kaɗai. Idan gibin ya yi faɗi fiye da haka, ragowar daga tsoka ake cikewa. Wannan ne ya sa mai ƙiba sosai yake jure babban gibi fiye da wanda kitsensa kaɗan ne, kuma shi ya sa kilo biyar na ƙarshe suka fi zama haɗari ga tsoka fiye da kilo biyar na farko.

A shekarar 2011, Ina Garthe da abokan aikinta a Norway sun raba 'yan wasa gida biyu, dukansu suna ɗaga ƙarfe sau huɗu a mako. An tsara wa rukuni ɗaya rage kashi 0.7 cikin ɗari na nauyinsu a mako, ɗayan kuma kashi 1.4. Masu tafiya a hankali sun ƙara wajen kashi 2 cikin ɗari na nauyin jikin da ba kitse ba, masu gaggawar kuwa nasu bai ƙaru ba. Ka lura cewa su ma masu gaggawar ba yunwa suka zauna da ita ba, kuma suna atisaye. Wanda ya koma cin kalori 800 ba tare da ɗaga komai ba, halinsa ya fi nasu muni nesa ba kusa ba.

Mataki na farko: san abin da jikinka ke ƙonawa

Ba za ka iya yin matsakaicin gibi ba sai ka san daga inda kake ragewa. Akwai lissafin da masana abinci ke amfani da shi, mai suna Mifflin-St Jeor, wanda ke ƙiyasta kalorin da jiki ke ƙonawa yana hutawa:

```
(10 × kilo) + (6.25 × santimita) − (5 × shekaru) + 5
```

Wannan na namiji ne. Mace za ta cire 161 a maimakon ƙara 5.

Mu ɗauki namiji ɗan shekara 35, nauyinsa kilo 90, tsayinsa santimita 175. Lissafin ya ba da 900, a ƙara 1,094, a cire 175, a ƙara 5, ya kama kusan 1,820. Tunda ba kwance yake wuni ba, sai a ninka da lambar motsi: wajen 1.3 ga mai yawan zama, 1.5 ga mai ɗan zirga-zirga da atisaye sau uku a mako, 1.7 ga mai aikin ƙarfi. Namu mai matsakaicin motsi ne, don haka yana ƙona kusan 2,730 a rana. Ƙiyasi ne kawai, yana iya kaucewa da ɗari biyu sama ko ƙasa, kuma sikeli ne zai gyara shi nan da mako uku.

Mataki na biyu: rage kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari

Ga yawancin mutane wannan yana nufin kalori 300 zuwa 500 a rana. Mutuminmu zai cire 500, ya riƙa cin kusan 2,230. A mako gibin ya zama 3,500, kuma tunda kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da kusan kalori 7,700, zai riƙa sauke abin da bai kai rabin kilo ba a mako, wato kashi 0.5 cikin ɗari na nauyinsa. Iyakar da ta dace ita ce kashi 0.5 zuwa 1 cikin ɗari a mako. Mai kitse da yawa zai iya kusantar kashi 1, wanda ya riga ya rame ya tsaya kusa da rabi.

Na san rabin kilo a mako yana yi wa mutum kamar wasa, musamman idan ya ga wani ya sauke kilo shida a wata guda. Amma a mako goma sha biyu mutuminmu zai rage kilo biyar zuwa shida, kusan duka kitse. Da ya koma cin 1,000 a rana, gibinsa zai haura 1,700, fiye da kashi 60 cikin ɗari na buƙatarsa. A irin wannan abincin da wuya ya samu isasshen furotin, ƙarfin atisaye zai ƙare masa, kuma zai rage motsi ba tare da ya sani ba, har gibin da ya lissafa ya tsuke da kansa.

Mataki na uku: furotin ba ya cikin abin da za a rage

Nan ne mutane da yawa ke ɓata aikin. Suna rage komai daidai wa daida, har da furotin, alhali a lokacin gibi buƙatarsa ƙaruwa take yi. Ka nemi giram 1.6 zuwa 2.2 ga kowane kilo na nauyinka a rana. Mai ƙiba sosai ya yi lissafin da nauyin da yake son kaiwa, don kada adadin ya wuce hankali.

Mutuminmu yana buƙatar aƙalla giram 144. Kowane giram na furotin kalori 4 ne, saboda haka wannan ya ci 576 kawai daga cikin 2,230 ɗinsa, ya bar masa fili mai yawa na sitaci da mai da kayan lambu. Ya raba shi gida uku ko huɗu, giram 36 zuwa 48 a kowane zama, domin kowane cin furotin yana tayar da ginin tsoka na wasu sa'o'i. Don ka samu ma'auni, ƙwai ɗaya yana da kusan giram 6, dafaffiyar tsokar kaza giram 100 kuma tana da kusan giram 30. Kalori 500 ɗin da za a cire, a cire su daga abin sha mai zaƙi da man girki da yawan sitaci. Kada a kawar da sitacin gaba ɗaya, shi ne ke ba ka ƙarfin atisaye.

Mataki na huɗu: ba tsokar aiki

Jiki ba ya ɓata makamashi wajen riƙe tsokar da ba a amfani da ita. Ɗaga nauyi shi ne saƙon da ke gaya masa cewa har yanzu ana buƙatarta. Sau biyu zuwa uku a mako ya isa, muddin ana taɓa manyan gaɓoɓi: tsuguno da nauyi don cinyoyi, turawa don ƙirji da kafaɗa, jawowa don baya. Kowane motsi a yi shi zagaye uku, sau 6 zuwa 12 a kowane zagaye, da nauyin da ɗagawar ƙarshe za ta yi wuya.

Kuskuren da aka fi yi shi ne sauya ƙarfe mai nauyi da mara nauyi wai don a ƙona kitse, ko a bar shi a koma gudu kaɗai. Idan gajiya ta yi yawa, rage yawan zagaye, amma nauyin ya zauna yadda yake.

Barci ma yana cikin lissafin. A wani ƙaramin gwaji da aka yi a Jami'ar Chicago, wanda aka wallafa a 2010, mutane ɗaya da gibi iri ɗaya sun fi asarar nauyin da ba kitse ba, sun kuma rage kitse kaɗan, lokacin da aka ba su sa'a biyar da rabi ta barci maimakon takwas da rabi.

Mataki na biyar: yadda za ka gane abin da ke zubewa

Sikeli shi kaɗai ba ya bambanta kitse da tsoka, don haka ka haɗa ma'auni uku. Ka hau sikeli da safe bayan ka zaga, kafin ka ci komai, sau uku ko fiye a mako, ka riƙa kwatanta matsakaicin mako da na makon da ya wuce. Ka auna ƙugunka da tef daidai cibiya sau ɗaya a mako. Ka kuma rubuta nauyin da kake ɗagawa da yawan ɗagawar.

Idan ƙugu yana raguwa, ƙarfi yana nan, aikin yana tafiya daidai ko da sikeli ya yi jinkiri. Idan kuwa nauyi yana sauka fiye da kashi 1 cikin ɗari mako biyu ko uku a jere bayan makon farko, kuma abin da kake ɗagawa sau goma yanzu da ƙyar kake kai bakwai, gibin ya yi yawa. Yawan jin sanyi, jiri, rashin barci, da ɗaukewar al'ada ga mace, duk alamun haka ne. Ƙara kalori 200 a rana, ka sake dubawa bayan mako biyu. Idan kuma mako uku sun wuce babu abin da ya motsa, ba sikeli ba ƙugu, sai ka rage 100 zuwa 150 ko ka ƙara tafiyar ƙasa. Ka tuna cewa jikin da ya ragu yana ƙona ƙasa da na da, saboda haka ka sake lissafin farko duk lokacin da ka sauke kilo huɗu ko biyar.

Akwai marasa lafiyar da likita ke ɗora su kan abincin da bai kai kalori 800 ba na ɗan lokaci, amma ana yin haka ne da isasshen furotin da sa ido, domin saurin ramewa yana iya jawo tsakuwar matsarmama. Mai juna biyu, mai shayarwa, yaron da bai gama girma ba, da wanda ya taɓa fama da matsalar ƙin cin abinci, wannan tsarin ba nasu ba ne. Mai ciwon ƙoda kada ya ƙara furotin sai da izinin likita, mai ciwon sukari da ke shan magani ko allurar insulin kuma ya fara tuntuɓar likitansa, don rage abinci yana iya sa sukarinsa ya faɗi idan ba a daidaita maganin ba.