Ma'aunin zafi na dijital ko na infirared: kurakuran da iyaye ke yi wajen auna zazzaɓin yara

Tambaya ɗaya ce sababbin iyaye ke maimaitawa har na gaji da jin ta: wanne ya fi, ɗan siririn ma'aunin dijital da ake sa wa yaro a hammata, ko mai kama da bindiga da ake nuna wa goshi? Yawancinsu ma sun riga sun sayi na goshin kafin su tambaya, saboda shi ya fi tsada, kuma a ganinsu mai tsada ba ya ƙarya. Daga nan matsalar ke farawa.

Na'urorin biyu ba abu ɗaya suke aunawa ba. Na dijital yana da ɗan ƙarfe a bakinsa wanda sai ya taɓa jiki, ya ɗauki ɗumin wurin, sannan ya ba da lamba. Shi kuwa na infirared ba ya jiran wannan. Yana karɓar hucin da ke tashi daga fatar goshi ne, sai ya yi lissafi a cikinsa, ya ƙiyasta yadda zafin cikin jiki zai kasance. Lambar da kike gani a fuskarsa ƙiyasi ce da aka gina a kan zafin fata. A takardar da ke zuwa da su, na dijital yawanci yana alƙawarin kuskuren da bai wuce 0.1°C ba, na goshi kuma 0.2 zuwa 0.3°C, wannan ma a ɗakin gwaji inda babu iska, babu rana, babu yaro mai mutsu-mutsu.

Babban kuskure, wanda zan fi daɗewa a kansa, shi ne a nuna wa goshi mai gumi na'urar infirared, a ga koren haske mai nuna babu zazzaɓi, a koma barci. Gumi aikinsa ke nan ya sanyaya fata yayin da yake bushewa. Idan aka haɗa da fanka ko na'urar sanyaya ɗaki tana bugun fuskar yaron, fatar goshinsa za ta iya yin sanyi alhali cikinsa yana ci da wuta. Akwai kuma lokacin da zazzaɓi ke kan hawa, yaro yana rawar sanyi, tafin hannu da ƙafa sun yi sanyi ƙalau. A wannan lokaci jijiyoyin jinin da ke kusa da fata suna tsukewa ne domin jiki ya riƙe zafi, saboda haka fatar ba ta nuna abin da ke ciki. To ki duba: lokutan da kika fi buƙatar gaskiya, su ne lokutan da goshi ya fi ɓoye ta.

Mun ɗanɗana wannan a gidanmu da 'yarmu tana da wata biyu. Da dare ta ƙi kama nono sosai, tana ta ƙananan koke-koke, goshinta da danshi, fanka na kaɗawa. Na'urar goshi ta ce 36.9, haske kore. Aka sake, ta ce 37.0. Muka ce rigima ce kawai ta jarirai. Sai can wajen asuba, da jikin ya ƙara laushi, aka lalubo tsohon na dijital a ƙasan jaka aka sa mata a hammata. Ya tsaya a 38.3. A hammata fa, wurin da dama yakan nuna ƙasa da ainihin zafin ciki. Muka nufi asibiti, aka kwantar da ita, aka gano ciwon mafitsara ne. Ta warke, alhamdu lillahi, amma sa'o'in da muka zubar muna kallon koren haske har yau idan na tuna raina ɓaci yake yi.

Abin da ya sa wannan ya fi komai haɗari shi ne shekarun yaron. Jaririn da bai cika wata 3 ba, idan zafinsa ya kai 38.0°C, asibiti ake kai shi nan take, ko da yana wasa, ko da tsakar dare ne. Ba a ba shi farasitamol a zauna jiran gari ya waye. Tsakanin 37.6 da 38.0 tazarar 0.4 ce kawai, kuma wannan tazara na'urar goshi za ta iya haɗiye ta ba tare da ta lalace ba. Don haka a wurina, jariri ɗan ƙasa da wata 3 ba a yanke hukunci a kansa da na'urar goshi, komai tsadarta. Ga babban yaro kuwa, ga yadda nake yi: in share goshin, in kashe fanka, in jira kamar minti goma, in auna sau uku a wuri ɗaya. Idan lambobin sun bambanta da juna fiye da 0.3, ko kuma lambar ta ce lafiya amma idona ya ce a'a, sai in ɗauko na dijital. Abin da ya faɗa shi nake bi.

Kada masu na dijital su yi murna tukuna, don ku ma kuna da naku, kuma ya fi ba ni haushi saboda ganganci ne tsagwaronsa. Sai ka ga uwa ta cusa ma'aunin ta saman riga, bakin ƙarfen ya leƙo ta bayan hammata yana auna iskar ɗaki, yaron yana ɗaga hannu yana wutsil-wutsil, da ta ji ƙara ta zare ta ce 36.2, babu komai. Haba baiwar Allah! Me kika auna? A cire hannun rigar, a goge hammatar ta bushe, a sa bakin ƙarfen a can tsakiyar lungun inda fata ke haɗuwa da fata, a kwantar da hannun yaron a jikinsa a riƙe shi gam. Na fi son in ɗora yaron a cinyata, gefen da ma'aunin yake ya jingina da ƙirjina, ta yadda ko ya yi fizge-fizge hannun ba zai buɗe ba. Bayan ƙarar ma nakan bar shi ɗan lokaci in ga ko lambar za ta ci gaba da hawa, domin hammata tana jinkirin ɗumama ƙarfen. Wannan ɗabi'ata ce. Wasu na'urorin suna kulle lambar da zarar sun yi ƙara, sai ki duba takardar taki.

Sannan a san cewa kowane wuri da iyakarsa. A dubura, zazzaɓi yana farawa daga 38.0°C. Hammata takan nuna ƙasa da haka da kusan rabin digiri, wani lokaci har digiri guda, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya, a tsarinta na duba ƙananan yara, take ɗaukar 37.5°C a hammata a matsayin zazzaɓi. Mutane da yawa suna ƙara 0.5 da kansu kafin su faɗa wa likita, shi kuma ya sake ƙarawa a ransa, lamba ta kumbura. Ni ba na ƙara komai. Nakan ce: "Likita, 37.8 ne, a hammata, ƙarfe biyu na dare, kafin a ba shi magani." Ya san yadda zai yi da ita.

Awon dubura shi ne mafi kusa da gaskiya, kuma likitocin yara a Amurka shi suke fifitawa ga jarirai, yayin da a Birtaniya ake shawartar iyaye su tsaya a hammata ga yaron da bai kai shekara 5 ba. Wanda zai yi na duburar ya shafa ɗan basilin a bakin ma'aunin, ya shigar da shi a hankali abin da bai wuce santimita ɗaya da rabi zuwa biyu ba, ya riƙe yaron kada ya motsa, kuma kada ya tura da ƙarfi. A ware wannan ma'aunin, a yi masa alama, kada gobe ya shiga bakin wani. Awon baki kuma sai yaro ya kai kamar shekara 4, lokacin da zai iya rufe leɓe ba tare da ya ciji abin ba.

Na kunne shi ma infirared ne, kuma idan an iya shi ya fi na goshi kusantar zafin ciki, tunda dodon kunne yake kallo. Sai dai kafin wata 6 ramin kunnen ya yi ƙanƙanta, bakin na'urar bango kawai yake gani. Dattin kunne yana rage lambar, kunnen da aka kwanta a kansa yana ƙara ta, kuma sai an ɗan ja kunnen baya ramin ke miƙewa.

Sauran kurakuran ƙanana ne amma kullum sai an yi su. Na'urar goshi tana da yanayi biyu, Body na auna zafin jiki da Surface na auna saman abu. Idan yaro ya danna ya mayar da ita Surface, za ta ba ki zafin fata tsura, ki ga 34 ki firgita ko ki saki jiki. Idan ta nuna 100.4, ba ta haukace ba, ta koma °F ne, kuma 100.4°F shi ne 38°C. Idan ta rubuta Lo, ba yana nufin batir ya ƙare ba, yana nufin abin da ta ji ya yi ƙasa da iyakar awonta. Tazarar da za a bari tsakaninta da goshi tana rubuce a takardarta, 'yan santimita ne, ba tsawon hannu ba. Na'urar da ta kwana a mota ko aka shigo da ita daga rana tana buƙatar minti 10 zuwa 30 a ɗakin kafin a yarda da ita. Gashi, hula, da yaron da ya fito daga wanka duk suna ɓata awo. Gilashin idonta idan ya yi ƙura lamba takan sauka. Irin ta masu gyaran inji, mai jan haske, ba ta jikin mutum ba ce sam. Tsohon ma'aunin gilashi mai zaiba a ciki a rabu da shi, idan ya fashe guba ne. Ɗan batirin na dijital mai kama da maɓalli kuwa, idan yaro ya haɗiye shi maganar gaggawa ce, don haka ba abin wasa ba ne.

Batun kuɗi: na goshi ko na kunne mai kyau yakan ninka na dijital sau da yawa, ga batir da yake ci, na kunne kuma wasu sai an riƙa sayen 'yan murafen da ake sauyawa. Abin da kuɗin ke saya miki sauƙi ne: daƙiƙa ɗaya ko biyu, yaro na barci ba a tashe shi ba, yara uku a jere ba sai an wanke komai ba. Wannan sauƙi ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya taɓa kokawa da ɗan shekara biyu da tsakar dare, kuma ni ma ina amfani da nawa. Amma idan kuɗin abu ɗaya gare ki, sayi na dijital. Idan na biyu ne, ƙara na goshi daga kamfanin da ya rubuta iyakar kuskurensa a takarda, ki gwada shi a kan yaron ranar da yake lafiya tare da na dijital, ki rubuta bambancinsu ki ajiye.

Akwai kuma inda ba na tsayawa neman ma'auni ko wanne iri ne: yaro ya yi laƙwas ba ya farkawa sosai, numfashi na yi masa wuya, ya ƙi sha gaba ɗaya, wuyansa ya sanƙare, ko ya fara jijjiga. Nan ko na'ura ta ce 36.5, ɗaukarsa za a yi a tafi asibiti.