Muryar na'ura a bidiyon Hausa: kurakuran da na gaji da ji

Kusan kowane mako sai wani ƙane ya turo mini bidiyon da ya haɗa, ya ce in duba masa. Hoto tsaf, rubutu tsaf, amma da muryar ta fara sai in ji abin da na ji a na wancan makon. Kuskuren ɗaya ne ake ta maimaitawa, kuma ni ma ya taɓa cin kuɗina, shi ya sa nake so mu zauna a kansa.

Babban kuskuren shi ne ka zuba rubutu a manhajar da ke mayar da rubutu murya, ka saurari sakan goma na farko, ka ce ai ta iya Hausa. Abin da yawancinmu ba mu lura da shi ba shi ne rubutun bokon da muke yi kullum ba ya nuna tsawon wasali, ba ya kuma nuna karin sauti, wato hawa da saukar murya a kan gaɓa. Bahaushe yana cike wannan giɓin da kansa don ya san maganar da ake yi. Na'ura kuwa canka take yi. Wuya na jiki da wuya ta wahala rubutunsu ɗaya. Fara da ake ci, da fara mai launi, da fara aiki, duk rubutu ɗaya. Idan ta canka daidai, ka tsira. Idan ta kuskure, za ta faɗi kuskuren da murya mai daɗi da natsuwa, har kai da ka rubuta ba za ka ji ba, domin kunnenka abin da ka rubuta yake ji.

Ga yadda ta faru da ni. Wata hajiya mai sayar da kayan miya ta ba ni aikin tallar minti ɗaya. A cikin rubutun akwai "garin kuka" har sau huɗu. Garin da ake niƙawa, wasalinsa na farko dogo ne, muryar kuma tana farawa daga ƙasa ta hau. Garin da mutane ke zaune a ciki, wasalin farko gajere ne, amma karin sautin iri ɗaya ne. Haka kukar miya, ana farawa sama a sauka, amma kukan hawaye sama yake tsayawa. Na'urar ta ɗauki na biyu a duka kalmomin, ta yi ta kiran mutane su zo su sayi garin da ake koke-koke. Na saurara sau uku ban ji ba. Sai da bidiyon ya zaga wayoyin abokan cinikinta suka fara tsokanarta, ta kira ni ranta a ɓace ta ce, "Malam, haka za ka yi mini da sana'ata?" Na mayar mata da kuɗinta, na sake naɗa da bakina, amma ba ta ƙara ba ni aiki ba, kuma gaskiyarta ne.

Tun daga ranar nake bin hanya ɗaya, ban ce kowa haka yake yi ba. Ina cire muryar kaɗai, babu hoto babu rubutu a ƙasa, in tura wa wanda bai taɓa ganin rubutun ba, in ce ya maimaita mini abin da ya ji jimla bayan jimla. Yawanci innata nake ba wa, don ba ta karanta boko, saboda haka kunnenta kawai take aiki da shi. Duk inda ta ce "me ya ce?" ko ta yi murmushi a inda babu abin dariya, nan nake sa alama. Sannan a wayar hannu take saurara, ta lasifikar wayar, tunda ta nan jama'a za su ji.

Idan na gano kalmar da ta gagari na'ura, ba na yi mata gardama sau goma. Wani lokaci ninka wasalin a kwafin da nake ba ta, kamar in rubuta "gaarin", yana gyara tsawon, amma ba ya gyara karin sauti, kuma ba kowace manhaja ce ke karɓarsa ba. Abin da ya fi shi ne a sauya jimlar yadda ko an karkata muryar ma'anar ba za ta ɓata ba. Da na rubuta "niƙaƙƙiyar kukar miya" tun farko, da ban shiga wancan halin ba.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne bidiyon kiwon lafiya. Dubi wannan jimlar: "Yaro ya sha magani da safe." In ka ja "ya" da murya sama, labari kake bayarwa, ya riga ya sha. In ka gajarta shi ka sauke murya, umarni ne, ana so ya sha. Rubutu ɗaya, saƙo biyu, kuma uwa ce ke saurare da yaro a kwance. Haba jama'a! Wannan ba wurin gwaji ba ne. Ka rubuta "a ba yaro magani da safe", domin "a ba" da "an ba" sun bambanta ko a rubuce. Ni dai duk abin da ya shafi awon magani, ko farashi, ko sunan mutum da na gari, ko addu'a da ayar Alƙur'ani, ko karin magana, mutum nake sa wa ya karanta. Muryar na'ura ina amfani da ita wajen auna tsawon bidiyo kafin mai karatu ya zo, da kuma gajeriyar sanarwa da ake sauyawa kullum.

Akwai kuma laifin da na'ura ba ta da hannu a ciki, lalacinmu ne. Ka rubuta "kasa" kana nufin ƙasa, "bata" kana nufin ɓata, "baki" kana nufin baƙi, "yaya" kana nufin 'ya'ya, sannan ka zo kana zagin manhaja. Abin da ka ba ta ta karanta. Sa madannin Hausa a wayarka, ka rubuta ɓ da ɗ da ƙ yadda suke, ka gwada 'y da ƴ ka ga wanda manhajarka ta gane.

Lambobi ka rubuta su da kalmomi: naira dubu biyu da ɗari biyar, kada ka bar mata 2,500. Gajerun sunayen hukumomi ka rubuta su yadda ake furta su. Jimlar da ta fi ƙarfin numfashi ɗaya ka raba ta biyu. Jimlar tambaya ka saurare ta daban, don sau da yawa tana fitowa kamar bayani. Muryar wani kuma kada ka kwaikwaya da na'ura sai da izininsa.

Masu naɗar muryarsu ma kada su ɗauka sun tsira. Na sha jin bidiyon da mutum ne ya karanta amma gara na'urar, don ya tsaya a ɗaki mai tayil babu labule, fanka na juyawa, janaretan maƙwabta na ruri, ya manna baki a makirufo har kowace "f" da "b" tana bugun kunne. Ka bar tazarar kamar taƙi ɗaya tsakanin bakinka da makirufo, ka ɗan karkatar da shi gefe, ka kashe fanka, ka shiga ɗakin da ke da katifa da tufafi. Ni bayan sallar asuba nake naɗa, kafin unguwa ta tashi. Kuma ka karanta rubutun da ƙarfi sau biyu kafin ka danna naɗi, duk inda harshenka ya sarƙe ka gyara jimlar ta koma yadda za ka faɗa wa abokinka a majalisa. In ka gama, shi ma wannan naɗin ka tura wa wanda bai ga rubutun ba, ya maimaita maka abin da ya ji.