Shawara ga Masu Shirin Kiwon Ragunan Layya

Jama'a, mai son ragonsa ya yi kuɗi a Babbar Sallah ya ɗaure shi saura wata huɗu. Makon farko a ba shi maganin tsutsar ciki, in ba haka ba tsutsa kuke ciyarwa.

Inda muka fi yin asara shi ne gaggawar ba da hatsi. Ragon da ya saba da ciyawar daji, ku fara masa da harawa da ruwa, sai dusa kamar gram 200 a rana, ana ƙarawa kaɗan-kaɗan har mako uku. Rago mai kilo 30, in ya saba, zai ci harawa wajen rabin kilo, da wani rabin kilon na dusa haɗe da kowar wake, a raba safe da yamma, da ɗan gishiri. A watan ƙarshe ake ƙara ƙaiƙayi da dawa.

Na taɓa zuba wa nawa dawa da yawa lokaci guda, ya kwana da zawo, cikinsa ya kumbura ta hagu. In kun ga haka ku janye hatsin nan take, ku bar masa harawa, ku kira malamin dabbobi.