Yadda sabon mai zuba jari zai yi idan kasuwa ta faɗi, jarinsa ya ragu da kashi ɗaya cikin biyar

Mu ƙaddara wata malamar makaranta, mu kira ta Hadiza, ta shafe shekara biyu tana tara kuɗi har suka kai Naira 1,000,000. Ta sayi hannayen jari na Naira 600,000 a kasuwar hannayen jari ta Najeriya, wato NGX, ta zuba ragowar Naira 400,000 a sukuk na gwamnatin tarayya, wato takardun jari marasa kuɗin ruwa da ke biyan kuɗin haya. Wata safiya ta buɗe manhajar dillalinta, sai ta tarar jimillar ta koma Naira 800,000, kuma yawancin lambobin sun yi ja. Da lissafinta za mu bi matakan, kuma duk suna komawa ga tambayoyi biyu ne: yaushe za ta buƙaci kuɗin, kuma mene ne ainihin abin da ya faɗi?

Mataki na farko shi ne ta ba kanta kwana biyu ko uku ba tare da ta saya ko ta sayar da komai ba, ta yi amfani da kwanakin wajen rubuta lissafi a takarda. Mai ajiyar hatsi ya san wannan hali. Wanda ya sayi buhu ɗari na masara da kaka, idan farashi ya karye a Dawanau, buhunansa ɗari suna nan a sito, kuma asarar ba ta tabbata sai ranar da ya loda su a mota ya karɓi kuɗi. Haka adadin hannayen jarin Hadiza yake a rubuce a asusunta na CSCS, kamfanin da ke ajiye bayanan hannayen jarin masu zuba jari, babu ko ɗaya da ya ɓace. Farashin da ake tayawa ne ya sauka. Sai dai kada wannan ya zama ruɗin kai, domin akwai lissafin da ya kamata ta sani tun yanzu: abin da ya ragu da kashi 20 cikin 100 sai ya ƙaru da kashi 25 kafin ya koma inda yake, tun da Naira 200,000 rubu'in Naira 800,000 ce. Idan faɗuwar ta kai rabi kuwa, sai jarin ya ninka kansa kafin a fita kunya. Ta kuma sa a takardar cewa sayarwa ba kyauta ba ce, domin la'adar dillali da kuɗaɗen hukumomi da haraji sukan ci kusan kashi 2 cikin 100 a kowace fita ko shiga, wanda ke nufin mai sayarwa yau don ya sake saya bayan wata guda ya biya sau biyu.

Mataki na biyu, kuma a ganina shi ne ya fi kowanne nauyi, shi ne ta rubuta duk wata buƙatar kuɗi da ke tafe cikin shekara biyu zuwa uku: kuɗin haya, kuɗin makarantar yara, bikin ƙanwa, kujerar Hajji idan ta yi niyya. A gefe guda ta duba ko tana da ajiyar ko-ta-kwana da za ta ishe ta cefane da sauran hidimomi na wata uku zuwa shida idan albashi ya tsaya. Idan duk waɗannan suna da mazauninsu a wajen kasuwa, to faɗuwar ba ta tilasta mata komai ba. Idan kuwa, alal misali, Naira 150,000 na hayar da za a biya nan da wata huɗu suna cikin hannayen jarin, to ta fitar da wannan adadin kaɗai, ta ɗauki asararsa, ta bar sauran. Mutane da yawa sukan ƙi yin hakan suna cewa bari farashi ya ɗan farfaɗo tukuna, alhali ba wanda ya yi musu alkawarin zai farfaɗo kafin mai gida ya ƙwanƙwasa ƙofa.

Tarihi bai goyi bayan mai cewa kasuwa kullum tana dawowa da wuri ba. A 2020, lokacin annobar korona, ma'aunin S&P 500 na Amurka ya faɗi da kusan kashi 34 cikin 100 tsakanin Fabrairu da 23 ga Maris, amma kafin ƙarshen Agusta ya mayar da abin da ya rasa, kuma kasuwar Najeriya ta rufe wannan shekarar da ƙarin kusan kashi 50 cikin 100. Wanda ya sayar a Maris ɗin ya ciji yatsa. To amma a Maris na 2008 babban ma'aunin kasuwar Najeriya, All-Share Index, ya haura maki 66,000, ya rufe shekarar a ƙasa da 32,000, kuma bai sake taka wancan matsayi ba sai a Agustan 2023, bayan shekara 15, lokacin da Naira ta riga ta rasa mafi yawan ƙarfinta. Babu mai iya faɗa wa Hadiza a yau ko tana cikin irin 2020 ne ko irin 2008, shi ya sa ake auna shawarar da lokacin da za ta iya jira, ba da hasashen kowa ba.

Idan da bashi a cikin jarin, ko na banki ne, ko na manhajar lamuni, ko kwasar adashi da har yanzu ake zubi, maganar ta sauya gaba ɗaya, kuma biyan bashin ne a gaba. Abin da ya durƙusar da mutane a 2008 ke nan: sun ci bashin banki sun sayi hannayen jari, farashi ya karye, bashin kuma yana nan daram yana ƙaruwa.

Mataki na uku shi ne ta tantance ko kasuwa ce duka ta faɗi ko kuwa kayanta ne suka lalace. Mai hatsin nan yana da hujjar jira idan farashi ne ya sauka, amma idan ya farke buhu ya ga ƙwari sun mayar da masarar gari, jira ba zai ƙara masa komai ba sai asara. Ta kwatanta faɗuwar kowane kamfani da ta babban ma'aunin kasuwa a daidai wannan lokaci. Idan ma'aunin ya sauka da kashi 30 kuma kamfanoninta sun sauka da 28 ko 33, guguwa ce ta kowa da kowa. Idan kuwa ma'aunin ya sauka da kashi 10 amma wani kamfani nata ya zube da kashi 60, to akwai magana, kuma sai ta nemi rahoton kuɗin kamfanin na wata uku-uku a shafin NGX. Abubuwan da za ta duba ba su da yawa: ko cinikinsa da ribarsa suna raguwa zango bayan zango, ko bashin da ke kansa na dala ne alhali da Naira yake ciniki, ko ya daina raba riba, ko kuma ya yi jinkirin fitar da rahotonsa har aka dakatar da cinikin hannayensa. Batun bashin dala ba ƙaramin abu ba ne, domin bayan an saki Naira a Yunin 2023 manyan kamfanoni da dama masu ciniki sosai sun bayyana asara saboda canji kawai. Kuma kamfani yakan mutu ɗungurungum: a Agustan 2011 hukuma ta karɓe Afribank da Bank PHB da Spring Bank, masu ajiya suka tsira da kuɗinsu, masu hannun jari kuwa suka tashi a tutar babu. Kamfanin da ya nuna irin waɗannan alamu ana iya sayar da shi ko da a kan asara, kuma tambayar da ke taimakawa ita ce: da a ce kuɗi ne a hannunta yau, za ta saye shi a wannan farashin?

Idan ta tabbatar ba ta da bashi, ba ta da buƙatar gaggawa, kamfanonin kuma lafiyarsu ƙalau, sai mataki na huɗu, wato daidaita rabon jarin. Tun farko ta tsara kashi 60 a hannayen jari, kashi 40 a sukuk. Yanzu hannayen jarin sun sauko daga Naira 600,000 zuwa 400,000, sukuk ɗin kuma mu ɗauka yana nan a 400,000, rabon ya zama rabi da rabi. Kashi 60 na Naira 800,000 shi ne 480,000, saboda haka komawa tsarin farko yana nufin ɗauko Naira 80,000 daga sukuk a mayar da su hannayen jari. Ba lallai ta taɓa sukuk ɗin ba, musamman da yake sayar da shi kafin wa'adinsa na iya zuwa da ragi a farashi. Ta fi sauƙi ta karkatar da kuɗin hayar da sukuk ke biya duk wata shida da kuma abin da take warewa daga albashi. Sai dai idan sukuk ɗin ya tsaya a 400,000, hannayen jarin sai sun koma 600,000 kafin su zama kashi 60, wato ƙarin Naira 200,000 ke nan. Idan tana zuba Naira 20,000 a wata, cikin wata goma za ta cike giɓin, kuma rarraba sayen yana kare ta daga zuba komai a rana ɗaya sannan farashi ya ƙara sauka washegari. Hannun jarin da take saya a Naira 50 da, idan ya koma Naira 33, kuɗin da ke sayo mata 400 yanzu zai sayo kusan 600.

Akwai wanda wannan faɗuwar za ta nuna masa cewa tsarin nasa ne tun asali ya fi ƙarfin zuciyarsa. Idan Hadiza ta kasa barci, tana duba waya sau goma a rana har a cikin aji, to kashi 60 ya yi mata yawa, kuma ba abin kunya ba ne ta amince da hakan. A nan sai ta bar rabon a rabi da rabi yadda kasuwa ta mayar da shi, ta riƙa zuba sabon kuɗi daidai wa daida, maimakon ta sayar da komai a rana guda.

A irin wannan lokaci ne kuma masu alkawarin riba kashi 30 a wata suke samun kasuwa, domin wanda ya yi asara yana ɗokin mayar da ita da sauri. Waɗanda suka shiga MMM sun ga yadda aka rufe asusunsu a Disambar 2016. Duk wanda ya zo da tayin mayar mata da Naira 200,000 ɗinta cikin makonni, ta fara neman sunansa a jerin masu rajista da ke shafin SEC, hukumar da ke kula da kasuwar hannayen jari, sannan ta tuna cewa ko mai rajista ba shi da ikon lamunce mata riba a hannun jari.

Mataki na ƙarshe aikin rabin awa ne. Ta ɗauki takardar nan ta rubuta rabon da ta tsayar, da adadin da za ta riƙa zubawa duk wata da ranar zubawar, da dalilan da za su sa ta sayar da wani kamfani, kamar asara zango uku a jere ko dakatar da cinikinsa, sannan ta sa kwanan wata. Ta kashe sanarwar farashi a wayarta, ta tsayar da rana ɗaya a wata, misali Asabar ɗin farko bayan albashi, wadda a cikinta ne kaɗai za ta buɗe manhajar ta gwada abin da ta gani da abin da ta rubuta.